Tarihin Lambar Lokacin Bidiyo: Yadda Ƙidayar Hotuna Ta Raba Hanya da Agogon Bango

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai tace fim ya ga wasu lambobi takwas suna gudu a gefen allon kwamfutarsa, jere biyu-biyu, kamar 00:12:34:17. Uku na farko ba su da wuyar ganewa, awa ce da minti da sakan. Na huɗun ne ke ruɗa mutane, domin yana gudu kamar ƙiftawar ido, kuma ba ya kai wa sittin balle ɗari. A ƙasashenmu yana tashi daga 00 ya tsaya a 24, sai ya sake komawa sifiri. Wannan shi ne ƙidayar firam, wato hotunan da ke tsaye cik waɗanda ake jera su da sauri har ido ya ɗauka motsi ne.

Lambobin nan sun yi kama da agogo, shi ya sa ake karanta su kamar agogo. Amma asalinsu suna ne da aka raɗa wa kowane hoto domin a iya nemo shi, kamar lambar gida a unguwa. Wani lokaci sunan yana dacewa da agogon bango daidai wa daida, wani lokaci kuma yana kauce masa. Yadda aka yi suka rabu, da yadda ake sake haɗa su da lissafi, tarihi ne da ya faro tun kafin a san talabijin.

Zamanin da ake auna lokaci da ƙafa

A farkon silima, lokacin da fim ba shi da sauti, da hannu ake juya kyamara, da hannu kuma ake juya majigi a wurare da yawa. Babu tsayayyen gudu. Wani ya ɗauka a hoto 16 cikin sakan, wani ya haura 20, mai gidan kallo kuma yana iya ƙara sauri don ya gama da wuri. Ido yana haƙuri da wannan, amma kunne ba ya yi. Da sauti ya shigo a ƙarshen shekarun 1920, sai ya zama dole a tsayar da gudu guda, domin murya tana canjawa da zarar an ɗan ƙara sauri ko an rage. Aka tsaya a kan hoto 24 cikin sakan.

Masu tace fim na wancan zamani da tsawon zare suke magana. Fim mai faɗin milimita 35 yana da hoto 16 a kowace ƙafa, saboda haka ƙafa ɗaya da rabi ke wucewa a sakan ɗaya, ƙafa 90 a minti ɗaya. Naɗin fim mai ƙafa 1,000 yana cin minti 11 da 'yan sakanni. Idan aka ce wani yanki ƙafa 450 ne da hoto 8, sai a ninka 450 sau 16 a samu 7,200, a ƙara 8 ya zama 7,208, a raba da 24, a samu sakan 300 da sulusi. Minti biyar ke nan da ɗan ɗoriya. Tun daga nan aka kafa ƙa'idar da har yau ba ta canja ba: a fara ƙirga hotuna, sannan a raba da gudu.

Mai fim yana da gata guda. Yana iya ɗaga zaren ya haska shi, ya ga hoton da idonsa, ya ɗora almakashi daidai inda yake so. A gefen zaren ma akwai lambobin da masana'anta ke bugawa a kowace ƙafa. Wannan gatan ne ya ɓace da zuwan bidiyo.

Wutar lantarki ta raba duniya biyu

Talabijin bai gaji 24 daga silima ba. Injiniyoyin farko sun ɗaura gudun hoto a kan bugun wutar lantarkin ƙasarsu, don kada bugun wutar ya riƙa fitowa a allo kamar igiya mai yawo. A Amurka wuta tana bugawa sau 60 a sakan, a Turai sau 50. Da yake kowane hoton talabijin ana zana shi ne a zubi biyu, a zana layukan da suke mara sannan a dawo a cike na tsakani, sai Amurka ta samu cikakken hoto 30 a sakan, Turai ta samu 25. Ƙa'idar Amurka ta 1941 ta tsayar da layi 525 a kowane hoto. Idan aka ninka 525 sau 30, layi 15,750 ke nan a sakan. A riƙe wannan lambar, domin a kanta ne abin ya faru.

Har zuwa nan lissafi yana tafiya sumul. Hoto 30 sakan ɗaya ne, hoto 108,000 awa ɗaya ce.

1953: shekarar da talatin ta daina cika

Lokacin da kwamitin da ake kira NTSC ya zauna tsara talabijin mai launi a Amurka, akwai akwatunan baƙi da fari masu ɗimbin yawa a gidajen mutane, kuma ba a so a mayar da su tarkace. Dole a cusa saƙon launi a cikin zangon da hoto da sauti suka riga suka cika, ta yadda tsohon akwati zai ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru.

Matsalar ita ce saƙon launi da saƙon sauti suna gogar juna, gogayyar kuma tana fitowa a allo kamar ɗige-ɗige. Injiniyoyi sun gano cewa za ta fi ɓoyuwa idan tazarar saƙon sauti, wadda take bugu 4,500,000 a sakan, ta rabu daidai da yawan layuka ba tare da ragowa ba. Amma 4,500,000 a raba da 15,750 yana ba da 285.71. Hanya biyu ce: ko a matsar da sauti, ko a matsar da layuka. Sautin ba a so a taɓa shi saboda tsofaffin akwatuna, su kuwa layukan akwatin yana iya bin su ko da sun ɗan sauka. Sai aka ɗauki cikakkiyar lamba mafi kusa, 286, aka raba 4,500,000 da ita, aka samu layi 15,734.27 a sakan. A raba wannan da 525, sai ga 29.97.

Haka aka amince da tsarin a watan Disamba na 1953. Ainihin gudun shi ne 30,000 a raba da 1,001, wato an rage kashi ɗaya cikin dubu da ɗaya. Ba idon da zai ga bambancin, kuma a lokacin bai dami kowa ba, tunda kai tsaye ake watsa yawancin shirye-shirye, babu mai ƙirga hotuna. Amma daga ranar, hoto 30 ya daina zama sakan ɗaya a Amurka. Ya zama sakan 1.001.

Reza, ƙurar ƙarfe da madubin likita

A 1956 kamfanin Ampex ya fito da na'urar naɗar bidiyo a kan tef mai faɗin inci biyu. Gidajen talabijin suka karɓe ta hannu biyu, amma mai tacewa ya tsinci kansa a duhu. Tef ɗin baƙi ne wuluk, ko ka ɗaga shi ga fitila ba abin da za ka gani. Irin wannan na'ura kuma ba ta iya tsayar da hoto a allo, da zarar tef ya tsaya hoto ya ɓace.

Ga yadda ake yi. Mai tacewa zai saurari sauti yana kallon allo, in an zo wurin da yake so ya danna tsayawa, ya sa alama da fensir a bayan tef. Sai ya shimfiɗa tef ɗin a kan katakon yanka, ya shafa masa wani ruwa mai ɗauke da ƙurar ƙarfe. Ruwan yana bushewa, ƙurar tana maƙalewa a inda maganaɗisu ya bi, sai siraran layuka su bayyana a gicciye kamar haƙoran mashaci. Ya sunkuya a kan madubin ƙara girma, irin na ɗakin gwajin asibiti, yana neman 'yar alamar da ke gefen tef wadda ke nuna iyakar hoto da hoto. Tef ɗin yana gudun inci 15 a sakan, saboda haka duk hoto ɗaya rabin inci kawai ya ci. Nan zai sa reza. In ya kauce kaɗan, hoto zai yi tsalle a allon kowane gida.

A farkon shekarun 1960 aka samu hanyar tacewa ba tare da yanka ba, ta kwafa daga wata na'ura zuwa wata. Amma har yanzu hoto ba shi da suna. Na'ura tana ƙirga bugun da ke gefen tef ne daga inda aka sa mata sifiri, kuma in tef ya zame wajen ja da baya, ko aka cire shi aka mayar, ƙidaya ta ɓace.

An raɗa wa kowane hoto suna

A 1967 wani kamfani na Kalifoniya mai suna EECO ya kawo mafita, wadda ya aro daga yadda ake sa lokaci a kan tef ɗin bayanan kumbunan sama jannati. Maimakon na'ura ta ƙirga, sai a rubuta wa kowane hoto lambarsa a jikin tef ɗin kansa: awa, minti, sakan, firam. Ko an kai tef wani gari, hoto mai lamba 00:12:34:17 yana nan da lambarsa.

Wasu kamfanoni suka fito da nasu salon, kowa da irin rubutunsa, na wannan ba ya karantuwa a na'urar wancan. Ƙungiyar injiniyoyin fim da talabijin ta Amurka, SMPTE, ta ɗauki aikin daidaita su, aka kuma tabbatar da ƙa'ida guda a 1975. Ƙungiyar gidajen watsa labarai ta Turai, EBU, ta bi tsarin da gudunta na 25. A wannan ƙa'ida kowane hoto yana da alamomi 80, kowacce ko ɗaya ko sifiri, kuma ana naɗe su a layin sauti. In aka yi kuskure aka buɗe wannan layin a lasifika, wani tsinin ƙara ake ji mai tsaga kunne. Tsofaffin ma'aikatan gidan talabijin sun san shi sarai.

A nan ne bashin 1953 ya taso. Lamba ba ta iya ƙirga hoto 29.97, cikakkun hotuna kawai take ƙirgawa, daga 00 zuwa 29. Duk lokacin da ta ce sakan ɗaya ya cika, sakan 1.001 ne ya wuce a agogon bango. In ta nuna 01:00:00:00, ta ƙirga hoto 108,000, su kuwa waɗannan hotuna suna cin sakan 3,603.6. Shirin da takarda ta ce awa ɗaya ne ya zarce da sakan 3.6. A yini guda ratar ta kai sakan 86.4, kusan minti ɗaya da rabi. Ga gidan talabijin da ke sayar da sakan-sakan ga masu talla, kuma yake haɗuwa da sauran tashoshi a kan ƙarfe kaza daidai, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tsallake lamba ba zubar da hoto ba

Maganin da aka samo shi ne wanda ake gani a manhajojin tace fim da sunan Drop Frame, ko DF a taƙaice. Sunan ya sa mutane da yawa suna zaton ana zubar da wasu hotuna, alhali ko hoto ɗaya ba a taɓawa. Lambobi ake tsallakewa, kamar mai raba katin layi ya tashi daga 59 ya ba na gaba 62, alhali mutanen da ke layin suna nan yadda suke.

A awa ɗaya ta gaskiya hoto 107,892 ne ke wucewa, ita kuwa lamba tana da gurbi 108,000. Rarar 108 ce. In aka tsallake lamba biyu a farkon kowane minti, 120 ke nan, ya yi yawa da 12. Sai aka ce a bar mintunan da suka cika goma, wato 00, 10, 20, 30, 40 da 50, kada a tsallake komai a cikinsu. Minti 54 sau 2, ya ba da 108 daidai. Don haka bayan 00:00:59;29 sai a faɗa 00:01:00;02. Lambobin 00 da 01 na wannan minti babu su a duniya. Amma bayan 00:09:59;29 sai 00:10:00;00, babu tsallake.

A lura da alamar da ke gaban firam. Al'ada ita ce a sa waƙafi mai ruwa idan lambar mai tsallake ce, a sa ruwa biyu idan marar tsallake ce, wadda ake rubuta wa NDF. Wannan dabara ta rage kuskure daga sakan 86.4 a yini zuwa ƙasa da hoto uku.

Inda muka faɗo a wannan rabo

Talabijin ya fara a Nijeriya ne a Ibadan a watan Oktoba na 1959, ya iso Kaduna a 1962. Wutarmu mai bugu 50 ce, saboda haka gudun Turai muka gada. Da launi ya zo, Nijeriya da Gana suka ɗauki tsarin PAL na Jamus, Nijar ta ɗauki SECAM na Faransa, kuma dukkansu hoto 25 ne cif a sakan. Injiniyoyin Turai ba su taɓa gudun hoto ba wajen shigar da launi. Don haka ma'aikacin gidan talabijin na Kaduna ko Yamai bai taɓa buƙatar tsallake lamba ba, haka ma waɗanda suka fara finafinan Hausa a kan kaset ɗin bidiyo a Kano a shekarun 1990.

Lissafin 25 yana da daɗi, domin kowane hoto sakan 0.04 ne daidai. A ɗauki lambar da muka fara da ita, 00:12:34:17. Minti 12 sakan 720 ne, a ƙara 34 ya zama 754. Hoto 17 a raba da 25 ya ba da 0.68. Amsa ita ce sakan 754.68. Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta 754.17, a ɗauki firam kamar kashi cikin ɗari. Rabin sakan ne ya salwanta a nan, kuma rabin sakan ya isa ya sa fassarar da ke ƙasan allo ta riga bakin mai magana. Fayilolin fassara irin na SRT kashi cikin dubu suke amfani da shi, don haka wannan lokacin zai zama 00:12:34,680 a cikinsu.

Amma yau katangar da ta raba duniya biyu ta rushe. Kyamarori da yawa suna zuwa a kan gudun Amurka, wayoyin hannu kuma galibi a wajen 30 suke ɗauka, duk ƙasar da aka sayar da su. Mai tace fim a Kano yana iya samun 25 da 29.97 a aiki ɗaya, saboda haka lissafin 1953 ya iso teburinsa.

Ga yadda ake warware lamba mai tsallake, a ce 00:47:12;18. Da farko a ƙirga kamar ba a tsallake komai ba: minti 47 da sakan 12 sakan 2,832 ne, sau 30 ya zama 84,960, a ƙara 18 ya zama 84,978. Sannan a cire lambobin da aka tsallake. An shiga minti 47, huɗu daga ciki masu cika goma ne, saura 43, sau 2 ya zama 86. Ainihin hotuna 84,892 ke nan. A ninka sau 1,001 a raba da 30,000, sai a samu sakan 2,832.56. Ga lissafin a taƙaice, inda FF yake nufin lambobi biyu na ƙarshe:

```
M = 60*awa + minti
firam = (60*M + sakan)*30 + FF - 2*(M - M//10)
lokaci = firam * 1001 / 30000
```

Da lambar marar tsallake ce, 00:47:12:18, ba za a cire komai ba, amsar kuma za ta zama sakan 2,835.43. Lambobi iri ɗaya, amma kusan sakan uku tsakaninsu, kuma ɗigo ɗaya ne a rubuce ya bambanta su. Shi ya sa lamba ita kaɗai ba ta isa ba. Sai an san gudun, an kuma san ko mai tsallake ce.

Haɗa tsawon jerin shirye-shirye

Na taɓa tsayawa a bayan wani dattijo mai tsara jadawalin shirye-shirye, yana da takarda mai layi-layi da fensir a maƙale a kunne. Wani matashi ya kawo masa jimillar shirin rabin awa da ya haɗa da kalkuletar waya. Dattijon ya duba ginshiƙin ƙarshe kawai, ya ce, "Yaro, a ɗari ka ɗauka ko a ashirin da biyar?" Matashin ya yi shiru. Ya ce masa, "Zauna, mu sake." Ga irin lissafin da suka yi, a gudun 25.

Buɗe shiri ya ci 00:00:18:12, kashi na ɗaya 00:11:47:20, talla 00:02:30:00, kashi na biyu 00:13:05:19, rufewa 00:00:52:14.

Daga dama ake farawa. Firam ɗin su ne 12, 20, 0, 19 da 14, jimilla 65. Tunda 25 ke cika sakan, 65 sakan biyu ne da ragowar 15. A rubuta 15, a ɗauki 2. Sakan ɗin 18, 47, 30, 5 da 52 sun ba da 152, da biyun da aka ɗauko 154, wato minti 2 da sakan 34. Mintuna 11, 2 da 13 sun ba da 26, da biyu 28. Jimilla 00:28:34:15. Matashin ya ɗauki 65 a matsayin 0.65 na sakan, alhali sakan 2.6 ne, don haka ya ɓatar da kusan sakan biyu. Sakan biyu sun isa a datse kalmar ƙarshe ta mai gabatarwa idan labarai suka shigo.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a mayar da komai firam tun farko: 462, 17,695, 3,750, 19,644 da 1,314. Jimilla 42,865. Rabin awa kuwa firam 45,000 ne, saura 2,135, wato minti 1 da sakan 25 da firam 10 da za a cike da sanarwa. Wannan hanya ba ta da ɗauka balle a manta.

A lamba mai tsallake ma ita kaɗai ce hanya, domin haɗa ginshiƙi yana ba da amsar da ba daidai ba. Yanki biyu masu 00:00:45;00 kowanne firam 1,350 ne, tare 2,700. In aka jera su daga sifiri, lambar da za a tsaya a kanta ita ce 00:01:30;02, saboda an ƙetare iyakar minti ɗaya a hanya, an tsallake lamba biyu.

In kuma gudun yankunan ya bambanta, firam ɗinsu ba ya haɗuwa, kamar yadda ba a haɗa naira da sefa a jaka ɗaya a ƙirga. Firam 9,000 a gudun 25 sakan 360 ne, a gudun 29.97 kuwa sakan 300.3. Sai a mayar da kowanne sakan da nasa gudun, sannan a haɗa. Kuma kada a datse ragowa sai a ƙarshe. Jerin waƙoƙi ko karatu a waya yana nuna minti da sakan kawai. In aka yar da abin da ke bayan sakan a kowane ɗaya, a matsakaici rabin sakan ake asara, a abu 40 kusan sakan 20 ke nan.

Faifan sidi ma yana da nasa firam, amma 75 ne a sakan. Wanda ya ga 03:20:60 a takardar jerin waƙoƙin faifai, minti 3 ne da sakan 20.8, domin 60 a raba da 75 shi ne 0.8. Lamba ta ƙarshe tana nuna asalinta: in ta taɓa haura 24, ba gudun 25 ba ne, in ta haura 29, ba na 30 ba ne.

Akwai ƙananan tarkuna biyu da ke kama har ƙwararru. Na farko, yawancin shirye-shiryen da ake miƙa wa tasha ba daga sifiri suke farawa ba, daga 01:00:00:00 ne ko 10:00:00:00, don a bar wuri a gaba ga launukan gwaji da ƙidayar shiga. Dole a cire lambar farawa kafin a ce ga tsawon shiri. Na biyu, a san ko lambar fita tana nufin hoton ƙarshe da aka gani ko na farkon da ba a gani ba. In hoton ƙarshe da aka gani ne, sai an ƙara ɗaya, kamar mai ƙirga kwanaki daga Litinin zuwa Laraba ya samu uku. Hoto ɗaya ba komai ba ne a yanki ɗaya, amma a yanki 200 sakan takwas ne.

Yadda ake gane inda kuskure yake

Kowane irin kuskure yana da sawunsa. In sauti da hoto sun fara daidai, sannan suka riƙa rabuwa a hankali har ya kai sakan 3.6 bayan awa ɗaya, an rikita 30 da 29.97 ne, ko 24 da ƙanwarta 23.976 wadda ita ma aka rage mata kashi ɗaya cikin dubu da ɗaya don ta dace da talabijin na Amurka. In ratar ta kai kusan minti biyu da rabi a awa, 24 da 25 ne suka haɗu, kuma wannan ne dalilin da fim ɗin silima mai minti 100 yake zama minti 96 idan aka nuna shi a gudun 25. In ratar tana nan yadda take daga farko har ƙarshe, matsalar a lambar farawa take. In kuma tana ƙaruwa tana raguwa ba tsari, a duba ko hoton waya ne, domin wayoyi da yawa suna canja gudu a tsakiyar ɗauka, musamman a wuri mai ƙarancin haske. Irin wannan hoto ba ya bin raba firam da gudu guda. Sai an fara mayar da shi tsayayyen gudu, ko a karanta tsawonsa daga lokutan da ke rubuce a cikin fayil ɗin.

Amurka ta kashe manyan tashoshinta na tsohon tsari a 2009, ta koma na dijital, inda saƙon launi da na sauti ba sa gogar juna. Dalilin da ya haifi 29.97 ya tafi. Amma ɗakunan ajiya cike suke da shirye-shiryen fiye da shekara hamsin da aka naɗa a wannan gudu, na'urori kuma an ƙera su a kansa, don haka lambar ta zauna, har ta shiga kyamarorin da ake sayarwa a kasuwanninmu. Matashin da ya buɗe sabon aiki a kwamfuta, manhaja ta tambaye shi 25 ko 29.97, DF ko NDF, yana amsa tambayar da aka buɗe tun 1953. Kafin ya haɗa ko lamba biyu, abin da dattijon nan ya tambaya shi ne zai fara tambayar kansa: a nawa ake ɗauka?